Abin da Pact ya tsare mana, da abin da ya wuce shi

Na ɗauki Pact, manhajar da ke gwada yarjejeniyar musayar bayanai tsakanin sabis da sabis, bayan wata matsala da ta same mu a wurin aiki. Muna da sabis biyu: ɗaya yana riƙe da bayanan oda, ɗayan kuma yana karɓar bayanan ya buga wa mai saye rasit. Masu kula da na farkon suka sauya sunan filin `total` zuwa `total_amount`, gwajinsu ya wuce lafiya, namu ma ya wuce domin da amsar bogi muke gwadawa, sai da rasit ya fara fita babu kuɗi a jikinsa sannan muka farga.

Tsarin Pact shi ne mai karɓa ne ke rubuta yarjejeniyar. A gwajinmu mun bayyana cewa idan muka tura `GET /orders/42`, muna sa ran amsa mai lamba 200 ɗauke da `total_amount`. Pact ya tattara wannan a fayil ɗin JSON, muka aika da shi Pact Broker, wato ma'ajiyar da ake tara yarjejeniyoyin, daga can kuma sabis ɗin oda yake ɗauko shi ya maimaita buƙatar a kan ainihin manhajarsa, ya kwatanta amsar da abin da muka rubuta. Kafin kowane ɓangare ya saki sabon aiki, sai ya yi wannan tambaya:

```
pact-broker can-i-deploy --pacticipant orders --version 7f3c2a1 --to-environment production
```

Da aka so cire wani fili da muke dogaro da shi, a nan aka tsaya, kuma saƙon ya nuna sabis ɗin da ke buƙatarsa, sakamakon tantancewar kuma ya nuna filin da ya ɓace. Wannan kaɗai ya biya wahalar da muka sha.

Sai dai akwai inda ya gaza, kuma ina ganin duk mai niyyar amfani da shi ya kamata ya sani tun farko. A filin kuɗin mun rubuta `like(2500)`, wanda ke duba nau'in ƙimar kawai, wato ko lamba ce, ba tare da duba adadin ba. Ranar da aka mayar da lissafi daga naira zuwa kwabo, amsa ta koma 250000, yarjejeniya ta amince da ita domin har yanzu lamba ce. Pact yana tsare siffar saƙo, amma ma'anar sai abin da ka rubuta masa. Mun gyara ta hanyar sa ma'aunin a sunan filin, `total_kobo`, yadda sauya ma'auni zai tilasta sauya suna.

Wahala ta biyu tana kan mai bayarwa, domin dole ya tanadi oda mai lamba 42 a rumbun bayanansa kafin kowace tantancewa, kuma da yarjejeniyoyi suka yawaita wannan tanadi ya zama aiki mai zaman kansa.

Zan ci gaba da amfani da shi tsakanin ɓangarorin da suka san juna kuma suke iya zama su tattauna. Ga sabis ɗin da aka buɗe wa jama'a, wanda ba a san masu karɓarsa ba, babu wanda zai rubuta yarjejeniyar, don haka ba zan ba da shawararsa a can ba.