Sharhina kan yarinyar da ke rubuta min kafshin ɗin sitatus na odar abinci

'Yan uwana masu girkin sayarwa daga gida da kuke ta tambayata wa yake rubuta min kafshin ɗin sitatus kwanan nan, to ga amsa gaba ɗaya kowa ta karanta. Wata yarinya ce a nan Kano, ɗaliba ce, irin masu cewa a biya su kuɗin wata su dinga rubuto tallan kullum, yadda suke caji kuwa kun sani ba sai na faɗa ba. Sunanta ba zan kama ba, don abin da zan faɗa akwai daɗi akwai kuma wanda har yanzu in na tuna raina sai ya ɓaci.

Gaskiya farkon aikinta ya burge ni sosai. Kafin ta rubuta ko harafi ɗaya sai da ta zaunar da ni a waya da tambayoyi, Anti ƙarfe nawa kike ɗora tukunya, ƙarfe nawa mai kai saƙo yake zuwa ɗauka, wace unguwa ce mafi nisa da kike kaiwa, roba nawa kike iya fitarwa a rana. Ta ce yadda yawancinmu muke rubutu, a fara da sallama da gaisuwa da addu'a da yabon girki sannan can ƙasa a sa farashi, shi ke cinye mana oda, saboda hoto a sitatus daƙiƙu kaɗan yake tsayawa ya wuce, kuma in rubutun ƙasan hoton ya yi tsawo WhatsApp yankewa yake ya sa Read more, to ma'aikaciyar da take ofis tana duba sitatus ɗin mutane a gurguje yaushe za ta tsaya dannawa. Ga wanda ta fara turo min, har yanzu ban goge ba:

Yau Talata: dambun shinkafa da zogale da soyayyen kifi.
Roba ɗaya 3,000, kuɗin kawowa daban.
Ana rufe oda 11:00, abinci zai iso 1:30.
Tarauni, Gyaɗi-Gyaɗi, Hotoro, Titin Gidan Zoo.
Rubuto "dambu" da adadin roba.

Shi ke nan fa, babu wani ado. Amma wallahi ranar na ga bambanci a wayata, don maimakon "nawa ne", "akwai saura", "kuna kawowa nan" da suka saba cika min waya hannuna duk mai, sai ga saƙonni gajeru, dambu 2, dambu 3, sai alat ya biyo baya. Sunan ranar da ta sa a farko ma ashe da dalili, sitatus awa 24 yake yi kafin ya sauka, kenan wanda kika ɗora jiya da ƙarfe takwas na safe yana nan har takwas ɗin yau, wata sai ta tashi da asuba ta ga alalen jiya ta yi odarsa alhali yau ɗanwake kike yi. Ta ce in dinga goge na jiya kafin in ɗora na yau. Ita ce kuma ta nuna min cewa duk kyan kafshin, wadda ba ta ajiye lambata ba, ko ni ban ajiye tata ba, ba za ta taɓa ganin sitatus ɗina ba, don haka duk sabuwar kwastoma in ajiye lambarta nan take in ce ita ma ta ajiye tawa. A nan kam na ce kuɗina ya biya, har na tallata ta wajen ƙawayena biyu masu sana'a.

To sai ranar wata Juma'a.

Duk Juma'a waina nake yi da miyar taushe, kuma duk wadda ta taɓa yin wainar sayarwa ta san ba abinci ba ne da ake ƙarawa da rana tsaka. Tun daren Alhamis ake jiƙa shinkafa, a kai markaɗe, a haɗa ƙulli a rufe a jira ya tashi, sannan a zauna gaban tanda ana suya kaɗan kaɗan. Abin da kika jiƙa shi ne abin da za ki sayar, in ya ƙare ya ƙare. Ni na jiƙa na roba 25, miyar ma daidai haka, kabewa da alayyafo da gyaɗa da naman da na auno. Tsarinmu da yarinyar shi ne ta turo kafshin da safe, 'yata ta ɗora da hoton tunda ni lokacin hannuna na cikin aiki. Ga abin da ta turo ranar:

Juma'a mai albarka! Waina mai laushi da miyar taushe, zafi-zafi har ƙofar gidanki. Akwai isasshe, yi oda yanzu!

Ku duba da kyau don Allah. Babu farashi, babu lokacin rufe oda, babu sunan unguwa ko ɗaya, kuma wannan "akwai isasshe" ɗin ban san daga ina ta samo shi ba tunda na faɗa mata adadi da bakina. Wajen sha ɗaya saura robobina 25 duk an kama, na ajiye waya na ci gaba da suya hankalina kwance. Ashe oda bata tsaya ba, don babu abin da ya ce wa mutane ta tsaya. Tsofaffin kwastomomi da ke da lambar asusuna ba su ma tambaya ba, tiransifa kawai suka dinga yi suna turo rasit, wasu har bayan an sauko daga masallaci, lokacin na kankare ƙasan robar ƙulli. Wata baiwar Allah daga Rijiyar Zaki ta biya na roba huɗu wai baƙi za ta yi, daga Tarauni zuwa Rijiyar Zaki kuwa ƙetare gari ne guda, ballantana ranar Juma'a da ake tare hanyoyi kusa da masallatai, ko da akwai wainar ma a sanyaye za ta isa. Na kira ta ina ba ta haƙuri tana ce min "Hajiya ai ke kika rubuta akwai isasshe, ni yanzu me zan ba baƙina", kuma gaskiyarta ce, sunana ne a saman sitatus ɗin, ba ta san da wata mai rubutu ba. Na mayar mata da kuɗinta, na mayar wa sauran, har dare ina tiransifa ina ban haƙuri, cajin banki kuma duk a kaina.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne "har ƙofar gidanki". Mutane sun ɗauka kawowa kyauta ne, kuma ba laifinsu ba ne, haka maganar take nufi in babu "kuɗin kawowa daban" a gefenta. Yaron da ke kai min saƙo ya isa wani gida a Hotoro ya ce a ba shi kuɗin kawowa, matar ta ce ba ta san zancen ba, ta buɗe sitatus ɗin ta nuna masa, ya kira ni daga bakin get yana cewa "Hajiya ni fa mai na saya na zo", ita ma tana ta magana a gefe ina jiyo ta. Na ce ya bari zan biya shi. Haka na biya na gidaje da dama daga aljihuna, ribar wainar ranar kaf a nan ta tafi, ga kwastomar Hotoron nan tun ranar ba ta sake oda ba, tana dai kallon sitatus ɗina kullum ina ganin sunanta a cikin waɗanda suka kalla.

Da na yi wa yarinyar magana da yamma ban ji daɗin amsarta ba ko kaɗan. Wai "Anti ai ranar Juma'a mutane sun fi son kalma mai sanyi, kuma ke kika ce gajere kike so." Eh na ce gajere, amma ita ce da bakinta ta koya min cewa abin da ake ragewa shi ne yabo da kwalliya, farashi da lokaci ba a taɓa su. Ranar sai ta juya abin, ta bar kwalliyar ta cire abin da ke hana rigima. Haƙuri dai ta bayar daga ƙarshe amma sama sama, ko ta ce za ta rage wani abu a kuɗin wata ba ta ce ba.

Kuma tunda na fara bari in ƙarasa. Bayan kwana biyu ina duba sitatus sai ga na ɗaya daga ƙawayen nan da na tura mata, ita funkaso take yi, kafshin ɗin kalma da kalma irin nawa na Juma'ar nan, "mai laushi", "zafi-zafi har ƙofar gidanki", "akwai isasshe", sunan abincin kawai aka canza. Ashe guda ɗaya take rubutawa ta raba mana, shi ya sa babu farashi babu unguwa babu lokaci, don su ne ba za su yi daidai da na kowa ba. Ga shi kwastomominmu da yawa ɗaya ne, unguwa ɗaya muke, duk wadda ta gani za ta ɗauka wata ta kwafi wata. A lokacin na gane cewa aikin farkon nan mai kyau na jawo mutum ne, da masu biya suka yi yawa sai ta koma kwafe.

Wasu suna cewa ai sitatus ɗin Juma'ar ya fi kowanne samun masu kallo da amsa, ita ma ta faɗa min haka kamar wani abin yabo. Ni yanzu ba adadin masu kallo nake dubawa ba, tambayoyin da ke shigowa nake dubawa. In an fara "nawa ne" to farashi ya ɓace, in an fara "akwai saura" da azahar to lokacin rufewa ya ɓace, in kuma saƙo ya shigo daga Kabuga ko Rijiyar Zaki to ba a sa unguwanni ba.

Kuɗin watan nan na riga na biya don haka muna tare har ya ƙare, amma na gindaya mata sharaɗi, ta turo tun dare kafin tara in gani da idona, kuma ranar waina dole ta rubuta adadi, "roba 25 kacal", da zarar sun cika kuma 'yata ta ɗora wani sitatus ɗin mai cewa an rufe oda sai mako mai zuwa. Wadda ke son ɗaukarta ban hana ba, ta iya rubutu in ta ga dama, amma ki tambaye ta mutum nawa take rubuta wa a unguwarku kafin ki tura kuɗi. Ni kam wata mai zuwa ba na jin zan sabunta.