"Fasfo mai aiki" suka rubuta, kalmomi uku suka ci min dubu 410

Na jima ina son in rubuta wannan, sai dai na bari zuciyata ta ɗan huce tukuna don kada in ɗauki alhakin mutane. Kamfanin ba zan kira sunansa ba. Duk wanda yake Kano kuma yake da lambar ɗan kasuwa ko guda ɗaya a wayarsa ya ga fostar nan tasu ta Umarar Maulidi tana yawo a WhatsApp, mai koriyar ƙubba a sama da jirgi a ƙasa. Idan maki ake so, da farko na yi niyyar ba su uku cikin biyar, domin dai sun kai mu kuma sun dawo da mu lafiya.

Ga abin da aka rubuta a ƙarƙashin hoton, har yanzu yana cikin wayata: "Umarar Maulidi, kwana 14, Makka da Madina. Tashi 10 ga Satumba. Biya sau uku cikin sauƙi: kashi 40 ranar rajista, kashi 30 bayan wata ɗaya, kashi 30 kafin 15 ga Agusta. Abubuwan buƙata: fasfo mai aiki, hoto mai farin bango, katin rigakafi." Can ƙasa kuma da ƙananan baƙaƙe, waɗanda sai ka buɗa hoton da yatsu biyu za ka gani: "Farashi na iya canzawa."

Biyan sau ukun ne ya ja ni. Na daɗe ina son in kai Hajiyarmu, kuma kowa ya san yadda kuɗi suke a hannun ɗan kasuwa, yau akwai gobe suna cikin kaya. Kujera ɗaya miliyan 3, mu biyu miliyan 6. A dunƙule ba zan iya ba, amma miliyan 2 da dubu 400 yanzu, sai miliyan 1 da dubu 800 sau biyu, wannan na ga zan iya jurewa. Kafin in ba su ko kwabo na nemi su nuna min lasisinsu na hukumar alhazai ta ƙasa, wato NAHCON, suka nuna ba gardama, yana ma manne a bango. Na ce kuma ba zan tura kuɗi asusun mutum ba sai na kamfani, suka ce haka tsarinsu yake. Kowane biya sai da aka ba ni rasit mai hatimi. Nan kam ban da abin cewa.

Ranar 15 ga Yuni na je da fasfo biyu a hannuna, nawa da na Hajiya. Yarinyar da ke kan teburin rajista ta karɓa, ta buɗe shafin da ke da hoto, ta ɗora a kan na'ura ta kwafa, ta miƙo min abina. Da bakina na tambaye ta: "Malama, komai daidai ne?" Ta ce, "Daidai ne Alhaji, ai duk suna aiki." Ta maƙala kwafin a jikin fom, aka jefa cikin durowa.

Fasfon Hajiya zai ƙare ne ranar 2 ga Fabrairu. A ranar da na yi rajista saura masa wata bakwai da rabi, to a idona da idon duk wanda ya karanta fostar, fasfo ne mai aiki. Abin da ban sani ba, kuma ba wanda ya faɗa min, shi ne Saudiyya tana so fasfo ya kasance da aƙalla wata shida a gaba, kuma ba daga ranar da ka biya kuɗi ake lissafawa ba, daga ranar shigarka ƙasar ne. Wanda zai sauka 10 ga Satumba, dole fasfonsa ya kai 10 ga Maris. Na Hajiya ya gaza da sama da sati biyar. Lissafin da ɗan firamare zai yi da yatsu ne, kuma kwafin yana cikin durowarsu tun Yuni.

Na biya kashi na biyu a Yuli, shiru. Na biya na uku ranar 14 ga Agusta, a ranar ne suka karɓi ainihin fasfunan don neman biza. Bayan kwana huɗu, ina shago wajen la'asar, manajan ya kira.

"Alhaji, akwai 'yar matsala a fasfon Hajiya. Bai kai wata shida ba."

Na ce, "Wane wata shida, Yallaɓai?"

Ya ce, "Ai kowa ya san wannan."

Wannan maganar ce ta tsaya min a rai har yau, ta fi kuɗin zafi. In kowa ya sani, me ya sa ma'aikaciyarka ba ta sani ba? In kowa ya sani, me ya hana a rubuta a fostar, alhali an sami wurin rubuta "cikin sauƙi"? Ni ban taɓa fita waje ba sai Maraɗi da Damagaram. Hajiya kuwa tun da aka yi mata fasfon yake cikin akwati a ƙarƙashin zannuwa. Ai don rashin sanin nan ne mutum yake zuwa kamfani, da na san komai da me zan je yi wurinsu?

Saura kwana 23 a tashi. Manajan ya ce in yi sauri in sabunta, wai za a iya cim ma jirgi. Da zai yiwu ma, sai wata ta ɓullo: yanzu ba a yin fasfo sai bayanan da ke kan NIN sun yi daidai da na fasfon. A tsohon fasfon Hajiya sunan mahaifinta ne a ƙarshe, a NIN kuwa sunan marigayi Babanmu aka sa. Sai an gyara ɗaya ya dace da ɗaya tukuna. Tsohuwa mai ciwon gwiwa na dinga ɗauka a mota, yau nan gobe can, a zaunar da ita a ɗauki hoto, a ce a dawo. Ba ta taɓa yin ƙorafi ba, abin da kawai take cewa shi ne, "Bari dai, in da rabo za a je." Sabon fasfo bai zo hannunmu ba sai farkon Oktoba. Ranar 10 ga Satumba ina kallon hotunan 'yan rukuninmu cikin harami a filin jirgin Malam Aminu Kano, domin ba a ma cire ni daga zauren WhatsApp ɗin ba.

Da a Yuni aka gaya min, kusan wata uku nake da shi. Nan ne na gane lahanin tsarin nasu: jadawalin karɓar kuɗi yana da ranaku ƙayyadaddu har uku, duba takardu kuwa ba shi da rana ko ɗaya. Ana tuna maka biya tun saura mako guda, a kira a turo saƙo. Fasfo kuwa ba mai buɗe shi da idon basira sai kuɗi sun cika.

Ni ma zan iya tafiya a Satumban, fasfona lafiya lau. Amma don wa aka shirya tafiyar? Na ce a mayar da mu rukunin 25 ga Oktoba. A nan ƙananan baƙaƙen nan suka yi aikinsu. Aka ce an riga an ba kamfanin jirgi sunayenmu, sauya rana tara ce, dubu 130 kowane mutum. Gadajenmu a ɗakin mutum huɗu an riga an biya wa otal, ba a dawo da su duka. Ga kuma canji ya motsa, su da riyal suke biyan masauki da mota a can. Jimla dubu 410. Na ce a raba asarar biyu tunda sakacin nasu ne, manajan ya ɗauko fom ɗin da na sa wa hannu ya nuna min layin da ya ce alhakin ingancin takardu yana kan matafiyi. Gaskiya ne, na sa hannu, ban karanta ba. Amma kwafin fasfon yana maƙale a jikin wannan fom ɗin dai, da 2 ga Fabrairu ƙuru-ƙuru a kai. Ukun nan da na ce zan ba su, a bar shi biyu.

Batun "katin rigakafi" ma haka aka bar shi a dunƙule. Mutane da yawa sun ɗauka katin shawara ne kawai, wanda muke kira yalo kad. To akwai allurar sanƙarau da ake buƙata ga mai zuwa Umara, kuma sai an yi ta da aƙalla kwana 10 kafin isa. Ta shawara ma sai bayan kwana 10 shaidarta take fara aiki, sai dai ita sau ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Mu jinkirin ya ba mu lokaci, mun yi da wuri. Wata baiwar Allah a rukuninmu saura kwana shida ta ji labari, ban san yadda ta ƙare da su ba, na dai gan ta a jirgi.

Zan faɗi alherinsu don kada in zama azzalumi. Malamin da suka haɗa mu da shi mutumin kirki ne. A Madina shi ya zauna da wayoyinmu ɗaya bayan ɗaya ya nema mana izinin shiga Rauda ta manhajar Nusuk, domin yanzu ba a shiga haka kawai. Da muka tsaya a Zul Hulaifa za mu ɗaura harami, ya bi tsofaffi yana maimaita musu niyya a hankali. A Makka, tun ban buɗe baki ba ya samo wa Hajiya keken guragu don sa'ayi, yana ce mata, "Inna, ki zauna, ɗanki zai tura, ladan naku ne ku biyu." Lokacin da ta fara ganin Ka'aba ta kama hannuna ta ƙanƙame, ba ta iya cewa komai ba. A wannan daren, wallahi da an ce in ba kamfanin biyar cikin biyar da na bayar.

Sai da muka dawo, ina jera rasitai don in san inda na kwana, na ga na dubu 410 ɗin. Su ukun farko an rubuta abin da aka biya wa. Shi wannan "ƙari" kawai aka rubuta a kai, ba tarar tikiti, ba otal, ba canji. Na koma na nemi a rarrabe min nawa ne na me, aka ce akanta ba ya nan. Sau biyu ke nan.

Makon jiya suka fitar da fostar Umarar azumi. An canza launi, an ƙara kuɗi, biya ya koma sau huɗu. A wajen abubuwan buƙata: fasfo mai aiki. Na tura wa manajan saƙo na ce don Allah a ƙara "wanda ya rage masa wata shida daga ranar tafiya", ba zai cinye wuri ba. Ya amsa da "In sha Allah Alhaji". Yau da safe na duba, fostar tana nan yadda take, ƙanwar matata ma ta turo min ita tana tambaya ko na san su. Na ce ta fara ɗauko fasfonta ta karanto min ranar da ke jiki.