Jan-baki ruwan zoɓo ko mai haske mai maiƙo: wanne ya fi a hoton kusa?

"Salamu alaikum ƴan uwa. Jibi za a ɗauke ni hoton fuska zalla na katin bikina. Ni baƙa ce, leɓɓana masu kauri ne, na sama ya fi na ƙasa duhu. Jan-baki biyu gare ni: ruwan zoɓo busasshe, da ruwan ƙasa mai haske mai maiƙo. Don Allah wanne zan shafa?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar lafiya. Ruwan zoɓon za ki shafa. Amma bari in jera miki su biyun ki ga dalili, don akwai sharaɗi guda da idan bai cika ba ni da kaina zan ce ki ajiye shi.

Abin da ya kamata ki fara dubawa shi ne bakin naki kafin ki taɓa kowane jan-baki. Leɓen sama ƙasa yake kallo, ga hanci a bisansa, saboda haka ko a wurin farar mace yakan fito da inuwa a hoto. Na ƙasa kuwa shi ke tarar haske. Ke da Allah ya yi na saman ki da duhu tun asali, kyamara za ta ƙara miki inuwa a kan duhu, ta ƙara haske a kan mai haske. A madubi ba za ki damu ba, ido yana yafewa. A hoton da fuska ta cika shi kuwa, bambancin zai fito fiye da yadda kika saba gani. Don haka tambayar da za ki yi wa kowane jan-baki ita ce: zai iya rufe wannan bambanci ko zai tona shi?

Mai hasken nan tona shi zai yi. Jan-baki mai maiƙo launinsa ba ya da kauri, fatar leɓe tana leƙowa ta ƙarƙashinsa, sai ki ga na ƙasa ya ɗauki launin da kika saya, na sama ya ba da wani launi dabam. Sannan abin da ke sa irin waɗannan su yi haske farin sinadari ne da ake haɗawa a ciki, kuma fari a kan leɓe mai duhu toka yake komawa. Na taɓa yi wa wata amarya kwalliya a unguwar Zariya, baƙa kyakkyawa kamar ke, ta nace sai irin wanda ta gani a bakin wata farar ƙawarta. A ɗaki ya yi kyau, har ni na fara yarda. Da mai hoto ya kunna filash, sai ga baki fari fat kamar ta sha fura ba ta goge ba. Laifin nawa ne, ni ce ban gwada da salula ba kafin a fita. Tun daga ranar ba na sakin amarya sai na ɗauke ta hoto biyu, ɗaya da filash ɗaya babu.

Ruwan zoɓo busasshe, wanda masu kwalliya ke kira mat, launinsa yana da kauri. Shafa biyu ya isa ya mayar da leɓɓan biyu launi ɗaya, domin duhunsa ya kai na leɓen sama ko ya fi shi. Wannan ita ce ƙa'idar da nake bi a kan baki mai launi biyu: a auna jan-baki da leɓen da ya fi duhu. Idan jan-bakin ya fi shi haske sosai, sai an yi masa shimfiɗa da jagira kafin ya zauna.

Sai maganar fata. "Baƙa" kalma ɗaya ce, amma baƙaƙen mata ba iri ɗaya ba ne. Akwai wadda baƙinta ke da ja-ja ko ruwan zuma a ƙarƙashi, akwai wadda nata ke da sanyi, kamar ya ɗan karkata zuwa shuɗi. Za ki ji ana cewa a duba jijiyar hannu, in kore ce kaza, in shuɗiya ce kaza. A fatarmu wannan gwaji ba ya cika aiki, jijiyar ma da ƙyar ake ganinta. Ki tsaya bakin taga da hantsi, fuska ba hoda, ki kara ɗan kunnen zinariya a kunci ɗaya, na azurfa a ɗayan. In zinariya ce ta sa fuskar ta yi haske, fatarki mai ɗumi ce, zoɓon da ya karkata zuwa ruwan hanta ko makuba zai fi zama a kanki. In azurfa ce, wanda ya karkata zuwa shunayya ya fi. Abin daɗin shi ne ruwan zoɓo yana yafiya, ko kin ɗan kuskure ɓangaren ba zai ba ki kunya ba. Mai haske ba ya da wannan haƙurin: in ya fi fatar fuskarki haske ko da kaɗan ne, baki zai ɓace a hoto, ko ya yi kamar na mai jinya. Shi ya sa ya fi karɓar wankan tarwaɗa da farare, su ma sai da jagira.

Ga kuma haƙora, tunda na san za ki yi murmushi. Ja mai karkata zuwa shuɗi, irin zoɓo, yana sa haƙora su fito fari. Ruwan goro da ruwan ƙasa mai rawaya-rawaya su kan fito da rawayar haƙori. A hoton nesa ba wanda zai lura, a na kusa har wushirya ana ƙirgawa.

Kan siffar baki, a nan ne ra'ayi ya shigo. Launi mai duhu yana sa abu ya ja baya, haske da ƙyalli suna turo shi gaba. Mai siraran leɓɓa in ta shafa zoɓo mai duhu, bakinta zai koma kamar zare, ita ce ya kamata ta nemi mai haske da ɗan maiƙo a tsakiya. Ke kuwa kina da filin da launi mai nauyi zai zauna ya nuna kansa. Ba ina cewa ki ɓoye kaurin leɓenki ba ne, wasu kuɗi suke kashewa su samu irinsa. Matsalar maiƙo dabam ce: leɓen ƙasa mai faɗi kamar madubi yake idan ya sha mai, filash na dukansa sai ya bar farin tabo babba a tsakiya, tabon ya cinye launin. Ido kuma wurin da ya fi haske yake fara zuwa, sai mai kallon kati ya tsaya a bakinki bai kai ga idonki ba.

To ga sharaɗin da na ce. Busasshen jan-baki ba ya rufa asirin leɓen da ya tsage. Duk wani ɓawo, duk wani layi, zai shiga ciki ya zauna, kyamarar kusa kuma ta nuna shi ɗaya bayan ɗaya. Mu da ke Maradi mun san abin da hunturu ke yi wa baki daga Disamba zuwa Fabrairu, haka zafin Afrilu ga wadda ba ta shan ruwa sosai. Kwana biyu gare ki, sun isa idan bushewa ce kawai. Yau da dare ki jiƙa tsumma mai laushi da ruwan ɗumi, ki murza leɓen a hankali, ki shafa man kaɗanya da kauri ki kwanta. Gobe ki maimaita. Kada ki ɓare ɓawo da haƙori ko farce, wurin zai yi ja ya ƙi riƙe launi. Idan har jibi akwai tsaga mai jini ko mai zafi, ki haƙura da mat ɗin, don zai yi miki raɗaɗi ya kuma taru a wurin. A nan mai maiƙon ya ci nasara, amma ba shi kaɗai ba.

Yadda za ki cece shi kuwa: ki sami jagira ruwan ƙasa mai duhu, wadda ta ɗan fi fatarki duhu, ana samunta wurin masu kayan kwalliya a babbar kasuwa. Ban da baƙar jagirar gira, tana yin kaifi da yawa a hoto. Ki zana gefen baki, ki cike kusurwoyi biyu da kusan duk leɓen sama da ita, ki murza da yatsa ta shige ciki har layin ya daina zama layi. Sannan ki ɗiga mai hasken a tsakiya kawai, ki haɗe leɓɓan sau biyu, ki danna da tishu ki rage maiƙon. Jagirar ce za ta raba farin da fatarki, tokar ta ragu.

In kuwa baki ya warke, ga yadda za ki yi da zoɓon. Minti 15 kafin kwalliya ki shafa mai, in kin zo kan baki ki goge shi tas, don mat ba ya kama leɓe mai santsi. Ki zana da jagira daidai kan iyakar leɓenki. Kada ki fita waje, kada kuma ki shiga ciki da nufin rage kauri; abin da ke wucewa a hoton taro, a hoton kusa ana ganin gefen leɓe na gaskiya yana tudu kusa da na ƙarya. Ki shafa siriri sau ɗaya, ki bar bakin a ɗan buɗe kamar minti ɗaya ya sha iska, ki danna da tishu, ki ƙara na biyu. Fiye da haka zai fara fashewa in kin yi dariya. Ki kai launin har ɗan cikin leɓen ƙasa, in ba haka ba murmushi zai nuna ruwan hoda a ciki kamar an ɗinka wa baki shafi. Sai ki sa yatsa mai tsabta a baki ki zaro, abin da zai ɓata haƙori ya fito a kansa.

Haske ma yana canja launin. Farin ƙwan lantarki mai shuɗi-shuɗi yana tura zoɓo zuwa shunayya, yana ƙara wa mai haske toka, mai rawaya kuma ya mayar da zoɓo ruwan ƙasa. Tsakar rana a tsakar gida ita ce mafi muni, inuwar hanci za ta sauka kan leɓen sama. Ki nemi inuwar zaure ko bakin taga, hasken yana zuwa ta gabanki. In da salula za a ɗauka, kada a kawo ta dab da fuska, kusanci yana kumbura hanci da baki. Mai ɗauka ya ja baya kamar mita ɗaya da rabi, ya yi amfani da kyamarar baya, ya danna `2x`, a kuma kashe abin gyaran fuska, don yana haska fata ya bar jan-bakin yana yawo shi kaɗai.

Gobe da hantsi ki gwada: rabin baki zoɓo, rabi mai haske da jagira, ki yafa gyalen da za ki sa jibi, a ɗauke ki da filash da kuma babu. Ki turo mini su a matsayin takarda, don in kin tura su yadda aka saba WhatsApp zai matse hoton, ja kuma shi ne launin da gefensa ya fi saurin dagulewa.