Abokin magana na jin muryarsa na dawo masa? Karanta kafin ka sayi iyafis ko sifika

Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne, wanda yake jin amsa-kuwwar yawanci ba daga wayarsa matsalar take ba, daga taka ne. Muryarsa tana fitowa ta sifikarka, makirfo ɗinka ya sake ɗaukarta ya mayar masa, kuma saboda jinkirin netwok sai ta isa kunnensa bayan ya riga ya faɗi maganar. Kai ba ka jin komai, shi ya sa gardama ke tashi, kowa yana cewa wayar ɗan'uwansa ce ta lalace. Gwajin mai sauƙi ne: danna Mute ka ce ya ci gaba da magana. In muryar ta daina dawo masa, to daga ɓangarenka ne, ba sai an ja zance ba.

Kafin ka kashe ko sisi ka cire kes ɗin wayar ka rage ƙara zuwa rabi ku sake gwadawa. Wayoyin yanzu suna da tsarin da ke goge sautin sifika daga abin da makirfo ya ɗauka, amma in ƙara ta kai ƙarshe har sautin sifika yana karkarwa, ko kes ya toshe ƙaramin ramin makirfon nan na sama, ko ya bi da sautin ta cikinsa zuwa makirfo, sai tsarin ya rikice. Da yawa a nan maganar ke ƙarewa.

In ba ta ƙare ba, ni a ganina iyafis mai waya shi ne zaɓi na farko, don yana raba sifika da makirfo gaba ɗaya, sauti na cikin kunnenka babu hanyar da zai koma. Ka nemi mai robar nan da ke toshe kunne, don mai buɗaɗɗen kai yana zubar da sauti waje in ka ƙure ƙara. Ka duba bakin filogin kuma, zobe 3 shi ne mai makirfo, zobe 2 na saurare ne kawai. Amma fa akwai tarko, sautin kunne da na makirfo layin ƙasa ɗaya suke rabawa a filogin, wato hanya ɗaya ce wutarsu ke bi ta koma, to in iyafis ɗin na banza ne ko filogin bai shiga har ƙarshe ba, sauti kan tsallaka zuwa makirfo ta wannan layin, sai ka ga mutum da iyafis a kunne amma har yanzu ana jin amsa-kuwwa. Mai USB mai kyau yakan rage wannan.

Na bulutut ya fi daɗin yawo, sai dai makirfo da sifika suna cikin ɗan gida ɗaya dab da juna, don haka komai ya dogara ne da ingancin tsarin da ke ciki, kuma masu arha nan suke faɗuwa. Ka lura, ANC da ake rubutawa a kwali naka kunnen yake wa aiki, yana rage maka hayaniyar waje ne, bai shafi abin da abokin maganarka ke ji ba.

Wanda aikinsa kira ne daga safe har yamma, hedfon mai sandar makirfo a bakin baki ya fi masa, muryarsa na kusa don haka makirfon ba ya buƙatar kwaso sautin nesa.

Inda aka fi asarar kuɗi shi ne taro. A ce ku biyar ne a ɗaki kuna mitin da laftof, ba kwa ji sosai sai wani ya jona sifikar kiɗa ta bulutut. Yanzu sauti na fita daga can, makirfon laftof ne ke ɗauka, ga jinkirin bulutut, ga bango yana dawo da sauti, nan take na ɗaya ɓangaren zai fara cewa yana jin kansa sau biyu. Sayen sifika mafi ƙara sai dai ya daɗa dagula abin. Abin da kuke buƙata sifikar taro ce wadda makirfo ke jikinta, an rubuta AEC ko echo cancellation a kwalinta, wato tsarin goge amsa-kuwwa, in da full duplex ma ya fi, wato ku da shi za ku iya magana lokaci ɗaya ba tare da muryar wani ta yanke ba. Sannan a saitin manhajar ka zaɓe ta a Speaker da Microphone duka biyun, in ka zaɓi ɗaya ka bar ɗaya kamar ba ka saya ba ne. Kuma in wani a ɗakin ya shiga mitin ɗin da wayarsa, ya kashe makirfo da sifikarsa duka.

Duk wanda za ka saya, ka kira wani da shi tun kafin ka biya, ka ƙure ƙara ka yi shiru, ka ce ya ƙirga ɗaya zuwa goma ya gaya maka ko yana jin kansa.