Tambayar Malam ko Zama a Gidan Suna?

Dalibai masu bincike kan addini sukan tambaye ni: su yi hira da malamai ne, ko su je su zauna cikin jama'a?

Mu dauki bikin suna. Malam zai ce ranar bakwai a yanka rago, a aske gashin jariri, a rada suna. Awa daya ta isa, kudin mota kawai za ka kashe. Amma abin da ka samo hukunci ne, ba shaidar abin da ake yi ba.

Zama a gidan kuwa yana cin lokaci, kuma namiji iyakarsa zaure, sai ya nemi mace ta shiga masa ciki. Can za a ga layar da aka daura wa jariri, ko rubutun da mai jego ta sha, abubuwan da mai gida, musamman dan Izala, ba lalle ya ambata ba. Hadarinsa shi ne ganin bako da littafi yakan sa a boye, sai an saba da kai.

Mai neman fatawa malam ya ishe shi. Mai son sanin aikin mutane sai ya nemi izinin masu gida, ya shimfida tabarma.