Gargaɗi: ku yi hattara da masu cewa "kawo manhajarka na ɗora maka a Play Store"

Jama'a dala 160 ta tafi, dala 160 cif, kuma har yanzu manhajata ba ta shiga Play Store ba, abin takaicin ma yanzu ba ta hannuna, tana can cikin akawun ɗin wani ɗan damfara da ya daina ɗaga wayata. Ba zan faɗi sunansa a nan ba tukuna amma sikirinshot ɗin hirarmu duk suna nan, da rasit ɗin turin kuɗin, zan sako su in na gama rufe lambobin da ke jiki.

Kuma kafin wani ya zo yana ce min ai kai ne ka yi sakaci, ku tsaya ku ji. Mutumin nan ya kira ni ta bidiyo ya nuna min Play Console ɗinsa, wato shafin da ake ɗora manhaja ta cikinsa, a buɗe, manhajoji jere, ya danna wannan ya danna wancan, ya san girman hoton tambari 512 da 512 ne, ya san gajeren bayani ba ya wuce harafi 80, dogon kuma 4000, duk a ka yake faɗa ba ya duba komai. Wa zai ga wannan ya ce ɓarawo ne? Har yanzu ina jin muryarsa yana cewa "Malam kai dai turo fayil ɗin ka je ka kwanta, wannan aikinmu ne". Ka je ka kwanta fa. Na tura dala 120 a take.

Dalilin da ya sa na neme shi tun farko shi ne sharaɗin nan na gwaji. Duk wanda ya buɗe akawun na ƙashin kansa bayan 13 ga Nuwamba 2023 ba ya iya sakin manhaja kai tsaye, sai ya yi Closed testing da mutum aƙalla 12, kwana 14 a jere ba yankewa, sannan ya nemi izinin Production, wato sakin ta ga jama'a. Ni manhajar darasi ce na yi, ɗalibai su shiga su karanta su yi tambaya a ɗakin hira, ina sauri ta fita. Shi kuma ya ce akawun ɗinsa tsoho ne, sharaɗin bai hau kansa ba, a ɗora a nasa daga baya ya mayar min nawa. Maganar tsohon akawun gaskiya ce fa, shi ya sa ta shige ni. Buɗe nawa akawun dala 25 ne kacal, sau ɗaya ake biya, ni kuma na ba wani dala 120.

To sai ga dala 40. Wai kuɗin "takardar shaidar shekaru". Ya ce hukumar da ke tantance shekarun masu amfani da manhaja sai an biya ta kafin ta ba da lamba. Wallahi ƙarya ce tsagwaronta. Content rating tambayoyi ne kawai a cikin Play Console, na IARC, ana tambayarka akwai tashin hankali a ciki, akwai caca, akwai batsa, masu amfani suna iya magana da juna, ka amsa, a take ya fitar maka da matakin shekaru na kowane yanki, ko sisi ba a biya. Kyauta ne. Dala 40 na biya a kan abin kyauta. Kuma da na duba abin da ya turo min a matsayin shaida, ba alamar Users Interact a jiki, ma'ana ya amsa cewa masu amfani ba sa hulɗa da juna, alhali ɗakin hira shi ne rabin manhajar. Irin wannan amsar ƙarya kaɗai ta isa a cire manhaja ko da an riga an amince da ita.

Af, na tsallake wani abu. Kafin maganar dala 40 ɗin, ko bayanta ne ma, ya turo min wani linki ya ce "gashi ta hau". Na danna, Play Store ya buɗe, na sauke manhajata a wayata, na yi ta murna ina tura wa mutane su kuma suna ce min ba ya buɗewa a wajensu. Ashe Internal testing ne, wanda sai imel ɗin da aka sa a jerin masu gwaji ne kaɗai ke gani, kuma wannan ba shi ne sakin manhaja ga jama'a ba. Imel ɗina kawai ya sa a ciki. In ka rubuta sunan manhajarka a wurin bincike da wayar wani ba ta fito ba, kuma linkin bai buɗe masa ba, to ba ta hau ba, ko me aka ce maka.

Da na matsa masa sai ya ce an yi rijektin. Na ce turo min saƙon. Ya yi ta kwana-kwana, daga ƙarshe ya turo rabin hoto, amma rabin ma ya isa. Abu biyu ne a ciki. Na farko masu duba manhajar sun buɗe sun ci karo da shafin shiga, ba a ba su suna da fasawod na gwaji a App access ba, to me za su duba? Ni na ba shi akawun ɗin gwajin nan tun ranar farko, yana cikin hirarmu, bai sa ba. Na biyu bayanin da ya rubuta da hotunan. Ya cika bayanin da "ta ɗaya a duniya" da maimaita kalma ɗaya sau barkatai don wai bincike ya kamo ta, sikirinshot ɗin kuma ba na manhajata ba ne sam, wani samfuri ne ya kwaso a intanet da launin da ban taɓa amfani da shi ba. Hoto biyu na ainihin manhajar sun cika mafi ƙarancin abin da ake nema, ni kuma na tura masa fiye da haka.

Duk waɗannan gyara ne na zama ɗaya, ka sa fasawod, ka canza hoto, ka goge surutun, ka sake turawa, ba a biyan komai. Amma me ya ce min? Wai yana da mutum a ciki, na kawo dala 60 a "buɗe fayil ɗin". A nan na ce a'a. Ɗaukaka ƙara ma fom ne kyauta. Tun daga ranar ya toshe ni.

Abin da ya fi dala 160 ɗin ci min rai shi ne sunan kunshin manhajar, wannan mai farawa da com. ɗin. Tunda ya riga ya ɗora shi a akawun ɗinsa, na buɗe nawa na gwada ɗorawa aka ce sunan yana hannun wani. Mayar da manhaja daga akawun zuwa akawun kuma mai akawun ɗin da take ciki ne ke neman a yi, wato shi, mutumin da ya toshe ni. Yanzu dole na canza sunan kunshin na sake ginawa na fara neman mutum 12 ɗin da na gudu tun farko. "Ka je ka kwanta." Allah ya isa tsakanina da shi.

Ku dai ku buɗe akawun ɗinku da sunanku, in za a taya ku aiki ku gayyaci mutum ta Users and permissions ku ba shi iya izinin da yake buƙata, saƙon rijektin kuma ku karanta shi da idonku a Policy status. Rasit ɗin dala 120 da na dala 40 suna tafe anjima.