Lemo Guda da Kofin Ruwan Lemo: Yadda Jiki Ke Karɓar Sukarinsu

Sukarin da ke cikin lemo da wanda ke cikin ruwansa iri ɗaya ne, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ɗauke su ɗaya ba. A jagorarta ta 2015 ta sanya ruwan 'ya'yan itace, tare da zuma da sukarin da ake ƙarawa a abinci, cikin sukarin da ba ya ɗaure a jikin abinci, wanda ta ce kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin yini, wato kusan giram 50 ga babban mutum.

Matsakaicin lemo yana ɗauke da sukari kusan giram 12, kuma sukarin yana rufe cikin ƙwayoyin tsokarsa tare da harza. Sai an tauna shi, ciki ya riƙe shi na ɗan lokaci, sannan hanji ya tsotsi sukarin sannu a hankali, shi ya sa mutum yake jin ya ƙoshi kafin ya kai ga na uku.

Matsewa kuwa tana fasa ƙwayoyin, a zubar da mafi yawan harzar. Kofi ɗaya na mililita 250 yakan cinye lemo biyu zuwa uku, ya tara sukari sama da giram 20, kuma ana shanye shi cikin minti ɗaya ba tare da yunwa ta kwanta sosai ba. Rubutun "ba a ƙara sukari ba" a jikin kwali bai canza wannan lissafi ba. Haƙora ma suna shan wahala, musamman idan ana kurɓar ruwan kaɗan-kaɗan tsawon yini, domin sukari da tsami suna daɗewa a kansu.